Idan deribe ta ba da sifiri a kan matsaya, me ake yi?

*Malam, ina shekara ta biyu a fannin lissafi a jami'a nan Maradi. An ba mu `dy/dt = y(y − 2)²(5 − y)`, aka ce mu nemo matsayai, mu faɗi wadda take istabul, wadda take anistabul da wadda take semi-istabul. Na samu 0, 2 da 5. Na yi deribe, ta yi mini aiki a 0 da 5, amma a 2 sai ta ba ni sifiri. Abokina ya ce tunda sifiri ne, istabul ce. Ku taimaka mini, gaskiyarsa ce?*

Ƙanena, abokinka ya yi kuskure, amma kada ka yi saurin yi masa dariya, domin kusan rabin takardun da nake gyarawa a kan wannan babi suna faɗawa ramin nan. Sifirin da deribe ta ba ka ba amsa ba ne, shiru ne ta yi. Idan ta yi shiru sai a koma wurin wanda ya fi ta sani, wato alamar `f(y) = y(y − 2)²(5 − y)` a hagu da dama na matsayar.

Bari mu fara da abin da ya sa ake iya warware irin wannan tambaya ba tare da an nemo y(t) ba. Dubi hannun dama na ekwasiyon ɗinka: babu t ko ɗaya a ciki. Shi ya sa ake ce mata mai cin gashin kanta. Saurin da y ke canzawa ya dogara ga inda y take kawai, ba ruwansa da ƙarfe nawa ne. Idan y tana kan 3 da safe, saurinta 6 ne. Idan ta sake samun kanta a kan 3 da la'asar, saurin nan dai 6 ne. Tunda lokaci ba ya sa baki, ba ma buƙatar faffadan zane mai t a kwance da y a tsaye. Layi ɗaya na y ya wadatar, a sa masa kibiyoyi. Shi ne layin faz, ni kuwa na fi son in ce masa layin alkibla, don abin da yake nunawa ke nan: ina y ta dosa.

Matsaya ita ce darajar y da ke sa f(y) ta zama sifiri. Idan aka ɗora y a wurin, ba gaba ba baya, tana nan har abada. Ka same su daidai: 0, 2, 5.

Yanzu ka tuna tablon alamomi da kuka yi ta cikawa a lise, wanda ake jera saiwoyi a sama, a cika ƙasa da + da −. Layin alkibla shi ne wannan tablo, an miƙar da shi tsaye, an mayar da + kibiya mai duban sama, − kuma kibiya mai duban ƙasa. Matsayai uku sun yanka layin gida huɗu. A cikin kowane gida f ba ta iya sauya alama, domin f ba ta da yankewa, kuma kafin ta tashi daga + zuwa − dole ta bi ta sifiri, sifirin kuwa mun riga mun ƙidaye su duka. Saboda haka lamba ɗaya tak daga kowane gida ta isa shaida.

```
y = 6  :  6 · 16 · (−1) = −96   ↓
y = 5  :  0
y = 3  :  3 · 1 · 2     = +6    ↑
y = 2  :  0
y = 1  :  1 · 1 · 4     = +4    ↑
y = 0  :  0
y = −1 : (−1) · 9 · 6   = −54   ↓
```

Karanta shi daga ƙasa. A kan 0, kibiyar ƙasa tana gudu ƙasa, ta sama tana gudu sama. Kowa ya ba ta baya. Wannan ita ce marar tabbas, abin da malaminku ke kira anistabul: ka ɗan ture y daga 0 ko da ƙiris ne, ta tafi ke nan. A kan 5 kuma, ta ƙasa tana hawowa, ta sama tana saukowa, duka biyun sun fuskance ta. Wannan tabbatacciya ce, istabul. Deribe ɗinka ta yarda da haka: `f'(0) = 20`, fozitif, `f'(5) = −45`, negatif.

Sai 2, inda ka tsaya. Daga ƙasa kibiya tana hawowa zuwa gare ta. Daga sama kibiya tana ci gaba da hawa, tana barin ta. Hannu ɗaya tana jawowa, ɗaya hannun tana kora. Ita ce mai rabin tabbas, semi-istabul. Wanda ya fara daga 1,9 zai yi ta matsowa kusa da 2. Wanda ya fara daga 2,1 ba zai waiwayo ba sai ya isa kusa da 5.

Dalilin yana zaune a fili cikin ekwasiyon ɗin. Gaɓar (y − 2) an ninka ta da kanta, kuma lambar da aka ninka da kanta ba ta taɓa zama negatif. Don haka idan ka ƙetare 2, wannan gaɓa ta taɓa sifiri ta dawo ba tare da ta sauya alama ba, sauran gaɓoɓin biyu kuma ba abin da ya same su a wurin. Idan ka zana f, za ka ga layinta ya sauko ya shafi gindin zane a kan 2 ya koma sama, bai huda ba. Da ninkin 1, 3 ko 5 ne, da ya huda, alama ta sauya. Da 2, 4 ko 6, sai dai shafa.

To me ya sa deribe ta yi shiru a nan? Gwajin deribe gajeriyar hanya ce. Kusa da matsaya y*, idan ka kira ɗan nisan da ke tsakani u, to `du/dt ≈ f'(y*)·u`. In f'(y*) negatif ce, u tana ƙanƙancewa; in fozitif ce, tana girma. In sifiri ce, wannan kusantawar ta ce `du/dt ≈ 0`, wato ba ta ga komi ba, kuma hukuncin ya koma hannun gaɓoɓin da muka yar, masu u² da u³. Ga uku da za ka kai wa abokinka:

```
dy/dt = −y³
dy/dt =  y³
dy/dt =  y²
```

Dukansu matsayarsu 0, dukansu `f'(0) = 0`. Ta farko tabbatacciya, ta biyu marar tabbas, ta uku mai rabin tabbas. Sifiri ɗaya, hukunci uku. Ka lura kuma cewa wannan ya rufe wata ƙofar kuskure: kada kai ma ka fita daga nan kana cewa duk inda deribe ta ba da sifiri semi-istabul ce. Ba haka ba ne. Sai an duba alama.

Akan kwatanta abin da ƙwarya da ƙwayar gyaɗa. Gyaɗa a cikin ƙwarya, ka tura ta ta komo tsakiya. Gyaɗa a bisa kifaffiyar ƙwarya, ka hura ta ta gangare. Mai rabin tabbas kuma kamar ɗan dandali ne a tsakiyar gangaren gulbi: abin da ya gangaro daga sama zai tsaya a kansa, abin da ya zame ta bakinsa na ƙasa ya tafi. Ina amfani da kwatancen, amma yana da illa guda da nake so ka kiyaye. Gyaɗar gaske takan wuce tsakiyar ƙwarya ta haura ɗaya gefen ta dawo, tana lilo. A ekwasiyon irin taka babu lilo sam. Cikin kowane gida y ko dai hawa take yi kawai ko sauka kawai. In kana son kwatancen ya yi daidai, ka cika ƙwaryar da zuma, yadda gyaɗar za ta riƙa jan jiki zuwa tsakiya ba ta wuce ba. Duk ɗalibin da ya zana mini y(t) tana kai da komo kewaye da 5, na san ƙwarya ce a kansa, ba ekwasiyon ba.

Wani zai tambaya: wanda ya fara daga 1,9, tunda kibiya a saman 2 ma sama take duba, me zai hana shi ƙetarewa ya wuce? Abin da ke hana shi shi ne ka'idar Cauchy da Lipschitz da kuka gani a farkon babin. Idan f mai santsi ce, kamar taka, mafita biyu dabam ba sa haɗuwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Layin `y = 2` shi kansa mafita ne, saboda haka katanga ce. Mai tahowa daga ƙasa yana matsowa, saurinsa yana raguwa, amma bai taɓa isa ba.

Nan akwai abin da littattafai da yawa ke wucewa da gudu, ni kuwa ina ganin shi ne ya fi nuna halin matsaya mai rabin tabbas: yadda take jawowa a hankali ƙwarai. Kusa da 5, `du/dt ≈ −45u`. Don nisan ya ragu sau goma ana buƙatar lokaci `ln(10)/45`, kimanin 0,05, kuma kowane ragi sau goma na gaba wannan lokacin dai yake ci. Kusa da 2 fa? Gaɓoɓin y da (5 − y) sun zama kamar 2 da 3, sai a samu `du/dt ≈ 6u²`, wadda mafitarta ita ce:

```
u(t) = u0 / (1 − 6·u0·t)
```

Fara daga 1,9, wato `u0 = −0,1`. Kafin nisan ya sauka zuwa 0,01 sai t ta kai 15. Kafin ya sauka zuwa 0,001 sai ta kai 165. Ka kwatanta 15 da 0,05: ninki kusan 300 ke nan. Ta ɗaya gefen ma haka: wanda ya fara daga 2,01 zai daɗe yana nan kamar bai motsa ba, sai bayan t ta kusanci 16 ko 17 za ka ga ya zabura ya nufi 5. Wannan ne ke ruɗin masu gwadawa a kwamfuta. Su zana zuwa t = 5, su ga layi a kwance kusa da 2 ta sama da ta ƙasa, su rubuta istabul. Zanen bai yi ƙarya ba, su ne ba su jira ba.

Yanzu bari in kai ka inda wannan rabin tabbas yake fitowa a zahiri, don kada ka ɗauka wasan malamai ne na ninka gaɓa don a kama ɗalibi. Ka ɗauki tafki mai kifi, irin na Madarunfa a kudu da mu. Lambobin da zan sa nawa ne na misali, don lissafi ya fita sumul, ba awon tafkin ba ne. Mu ce P nauyin kifi ne da tan, tafkin ba ya iya ɗaukar fiye da tan 100, kuma yaɗuwar kifin tana bin ekwasiyon da Verhulst, ɗan ƙasar Beljiyam, ya wallafa a 1838. Masunta kuma suna kwashe tan H kowace shekara:

```
dP/dt = 0,8·P·(1 − P/100) − H
```

Idan H = 15, ka daidaita da sifiri za ka samu `P² − 100P + 1875 = 0`, wato P = 25 da P = 75. Gwada 50: yaɗuwa 20, kamu 15, saura +5, kibiya sama. Gwada 10: 7,2 a cire 15, negatif. Gwada 90: shi ma 7,2 a cire 15, negatif. Ke nan 75 tabbatacciya ce, 25 marar tabbas. Kowace tana da ma'ana ga masunci. 75 ita ce inda tafkin zai zauna in an bar kamun a tan 15. 25 kuwa bakin rami ce: duk shekarar da wata annoba ta jefa kifin ƙasa da tan 25, kuma aka ci gaba da kwasar 15, to ƙarewa zai yi. Tazarar 50 da ke tsakaninsu ita ce garkuwar tafkin.

Ƙara kamu zuwa 19,2. Matsayai sun koma 40 da 60. Tabbatacciyar ta sauko, marar tabbas ta hau, garkuwa ta rage 20. Ƙara zuwa 20 cif, sai su haɗe a kan 50, ekwasiyon ta zama:

```
dP/dt = −0,008·(P − 50)²
```

Ga gaɓar nan mai ninki biyu ta fito da kanta, ba wanda ya sa ta da gangan. Matsaya mai rabin tabbas tabbatacciya ce da marar tabbas da suka manne: ta gaji jawowa daga ɗaya, ta gaji kora daga ɗayar. A nan alkiblar ta juya bisa ga taka, domin f negatif ce a gefe biyu: daga sama ana saukowa zuwa 50, daga ƙasa ana zamewa. In ka ƙara kamu ya kai 21, babu matsaya ko ɗaya, kibiya guda ce daga sama har ƙasa.

Tan 20 shi ne mafi yawan abin da tafkin ke iya mayarwa a shekara, don haka a takarda yana da ban sha'awa. Amma dubi abin da zai faru in kifin ya ɗan sauka zuwa 45. Shekarar farko asarar kusan tan 0,2 ce, wa zai lura? Bayan shekara 10 yana wajen 41,7, masunta na ta cika komarsu, kowa na cewa lafiya lau. Bayan shekara 20 ya koma 25. Shekara biyu da rabi bayan nan, babu komi. Kana iya tabbatarwa da `P(t) = 50 − 5/(1 − 0,04t)`. Wannan shi ne jinkirin da muka gani a kan 2,01, sai dai a nan ba zuwa 5 ake yi ba, zuwa sifiri ake yi. Shi ya sa a ma'anar da Lyapunov ya shimfiɗa a 1892, matsaya mai rabin tabbas ba ta cika sharaɗin tabbas ba, domin sharaɗin ya ce duk wanda ya fara kusa, ta kowane gefe, ya zauna kusa. Wasu malamai ma ba sa ware mata suna, cikin anistabul suke sa ta. Tunda naku ya ambaci semi-istabul a tambayar, ka rubuta haka, ka kuma faɗi gefen da ke jawowa: daga ƙasa.

Akwai wurare biyu da wannan hanya mai sauƙi ke tuntuɓe, kuma gara ka gan su a nan kafin ranar jarrabawa.

Na farko, na ce f ba ta sauya alama sai ta bi ta sifiri, amma da sharaɗin ba ta da yankewa. Ɗauki `dy/dt = (y − 1)/y`. Matsaya ɗaya ce, 1. Mai gaggawa zai gwada 2 ya samu +, ya gwada −1 ya samu + (negatif bisa negatif), ya ce semi-istabul. Ya tsallake 0, inda f ba ta da daraja. Gwada 0,5 ka samu −1. Ashe 1 marar tabbas ce. Dole a sa 0 a kan layin a matsayin yanka, da ɗan da'ira marar ciki. Kuma ko da ka ga kibiyoyi biyu sun fuskanci 0 ɗin, kada ka kira ta tabbatacciya, don ba matsaya ba ce tun farko. Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina a kan allo a shekarata ta farko ta koyarwa, wata ɗaliba daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ku gwada rabi." Tun ranar nake gwada lambar da ke manne da matsaya, ba wadda ta fi sauƙin lissafi ba.

Na biyu, cewa ba a taɓa isa matsaya ya rataya ne ga santsin f. Duron ruwa mai huji a gindi yana bin dokar Torricelli, `dh/dt = −k√h`, inda h take tsayin ruwan, h0 tsayinsa na farko, k kuma lamba ce fozitif da ba ta canzawa. Matsayarsa h = 0, kuma kowa ya san duro yakan tsiyaye ƙarƙaf, a lokaci `2√h0/k`. Ba a karya ka'ida ba: √h tana miƙewa tsaye a kan 0, sharaɗin Lipschitz bai cika a wurin ba. Kibiyar tana nan daidai, maganar "har abada" ce ba ta shafe shi ba. Taka ekwasiyon folinom ce, ba ta da wannan matsala.

Komawa ga tafki, akwai abin da na share don misalin ya tsaya. Tafkin Madarunfa na gaske yakan cika da damina ya janye da rani, don haka abin da yake iya ɗauka a watan Satumba ba shi ne na watan Mayu ba. Da zarar ka sa wannan a lissafi, 100 ɗin nan ya zama abin da ke canzawa da t, ekwasiyon ta daina cin gashin kanta, kibiyar da ke kan 60 tana iya duban sama yau ta dubi ƙasa bayan wata shida, kuma layi ɗaya ba zai ƙara ɗaukar labarin ba. Saboda haka kafin ka ja layi a takardar jarrabawa, ka fara leƙa hannun dama ka tabbata babu t a ɓoye. A taka babu. Ka zana layin a tsaye, ka sa 0, 2, 5, ka rubuta lambobin gwaji huɗun nan a gefe da kibiyoyinsu, ka ƙara jimla ɗaya cewa `f'(2) = 0` ba ta yanke hukunci ba, alamar f ce ta yanke.